Masara, rogo da dankali: daga ina suka zo, kuma me suka yi wa jama'a?

Tambaya: Malam barka da ƙoƙari. Wani ya ce min wai masara da rogo da dankali duk ba 'yan asalin ƙasarmu ba ne, daga Amurka aka kawo su a jirgin ruwa, har ma wai su suka sa mutane suka yi yawa a duniya. Ni dai na taso na ga kakata tana tuƙa tuwon masara. Da gaske ne, kuma ta yaya?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Gaskiya ya faɗa maka, kuma ka ƙara da gyaɗa da barkono da tumatir da abarba da gwanda, duk ƙetare ɗaya suka fito. Kafin Kolombus ya isa tsibiran Amurka a 1492 babu wanda ya taɓa shuka ko ɗaya a cikinsu a Afirka ko Turai ko Asiya. Namu na gado su ne dawa, gero, wake, doya, kuɓewa, acca da gurjiya. Masara a kudancin Meziko aka fara nomanta kimanin shekara 9000 da suka wuce, daga wata ciyawa mai 'yan ƙwayoyi kaɗan masu taurin tsiya. Dankalin Turawa ɗan tsaunukan Andis ne, wajen Feru da Bolibiya, can sama inda sanyi yake. Rogo ɗan kudancin dajin Amazon ne a Burazil. Shi ma dankalin da muke kira na Hausa, mai zaƙin nan, ɗan Amurka ne.

Sunan masara da kansa yana ba ka labarin hanyar da ta biyo. Masara, Masar. A Turkanci kalma ɗaya ake kiran ƙasar Masar da masara da ita, a Italiya kuma hatsin Turkawa suke ce mata, Sawahili na kiranta da sunan Hindu. Kowa ya laƙaba mata sunan wanda ya miƙo masa ita, ba wanda ya san asalin gidansu. Wannan ya nuna hanyoyi biyu ta shigo Afirka. Ɗaya ta teku, Turawan Fotugal suka kai ta tsibirin Sawo Tome da gaɓar tekun da ake kira Gana yanzu, wani Baholande da ya rubuta abin da ya gani a wajen a 1602 ya tarar ana nomanta sosai. Ɗayar kuma ta Sifen ta shiga Bahar Rum, ta sauka Masar, ta biyo fatake da alhazai ta Nilu da hamada da Tafkin Chadi har ta iso mu, ita ce mai tauri, mai ƙyalli kamar dutsen ado. To mu ta gabas muka fara ganinta shi yasa muka ce mata masara.

Rogo kuma jiragen cinikin bayi ne suka kawo shi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. 'Yan Fotugal sun koyi garin rogo wajen mutanen Burazil na asali, suka ga gari ne da yake wata da watanni a jirgi bai lalace ba, sai suka shuka shi a bakin kogin Kwango da Angola a ƙarni na 16 don ciyar da matuƙa da bayin da suke lodawa. Mutum kusan miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage zuwa Amurka a tsawon cinikin nan, kuma masara da garin rogo na cikin abin da aka ciyar da su da shi a hanya. Shi yasa idan ana maganar Afirka ba na yarda a ce kai tsaye "amfanin gonar Amurka ya ƙara mana yawa", domin hannu ɗaya yana kawo abinci ɗayan yana kwashe mutane, su kuma mutanen Amurka na asali da suka ba duniya irin, agana da ƙyanda da bautar Turawa sun kashe mafi yawansu a cikin ƙarni ɗaya da rabi.

Yanzu batun yawan jama'a. Abinci ba ya sa mace ta haifi 'yan biyu, abin da yake yi shi ne ya hana yaran da aka haifa mutuwa a shekarar yunwa, kuma ya ba saurayi damar yin aure da wuri saboda 'yar gonar da ya samu ta isa ciyar da iyali. Waɗannan baƙin amfanin gona sun yi haka ta hanyar da manomi zai gane nan take. Suna fitowa a inda hatsin gida ba ya fitowa, kuma a lokacin da hatsin gida bai nuna ba. Rogo zai yi a jigawar da ta gaji, ka bar shi a ƙasa shekara biyu yana jiranka, fara ta cinye ganyen saiwar tana nan. Masara kwana 90 zuwa 120 ta nuna, kana gasa ɗanya tun dawa ba ta fid da kai ba, kuma ɓawonta ya rufe ta, jan baki ba ya iya mata ɓarnar da yake wa gero. Dankali a ƙarƙashin ƙasa yake, sojoji in sun zo ƙauye suna kwashe rumbu amma ba su da lokacin tonon gona, manoman Turai sun gane haka a yaƙe-yaƙen ƙarni na 18. A Sin, dankali mai zaƙi ya shiga lardin Fujiyan daga Filifin a shekarun 1590, shi da masara suka hau tuddan da shinkafa ba ta iya hawa, mutanen ƙasar suka tashi daga wajen miliyan 150 a 1700 suka haura miliyan 400 a 1850. Ba dankali kaɗai ya yi wannan ba, akwai zaman lafiya mai tsawo da ingantuwar noman shinkafa, amma shi ya ciyar da waɗanda suka rasa fadama. Sare dazukan tuddan kuma ya jawo zaizayar ƙasa da ambaliya a kwari daga baya.

Amma in kana so ka ga abin tun daga farko har ƙarshe a wuri ɗaya, ka dubi Ayaland, ƙasar da har yau 'yan kasuwarmu suke kiran dankalin Turawa da sunanta, "Arish".

Dankali ya isa Sifen wajen 1570, amma ya daɗe bai karɓu ba. Dalili ɗaya na shukar ce da kanta: ta saba da ƙasar da dare da rana suke kusan daidai, sai aka kai ta inda rana take yin awa 16 a lokacin noma, sai ta yi ta ganye ba ta ɗaura 'ya'ya sai kaka ta yi nisa, sanyi ya zo ya kashe ta. Sai da manoma suka yi ta zaɓen iri tsawon shekaru kafin a samu mai ɗaurawa da wuri. Ga kuma ƙyama, wasu na cewa yana sa kuturta. Sarkin Furushiya ta ƙasar Jamus, Firedirik, sai da ya ba da doka a 1756 cewa dole a shuka shi. Ayaland kuwa ba ta buƙaci doka ba, domin yanayinta na ruwa da sanyi marar tsanani ya dace da shi, kuma talakanta ba shi da zaɓi. Ƙasar noma mai kyau tana hannun masu gidaje, da yawansu Ingilishi ne ko zuriyarsu, talaka haya yake yi, alkama da oti da aladen da ya kiwata na biyan haya ne, abin da ya rage masa ɗan fili ne a gefen dutse ko fadama mai tsami. A nan yake tada kunya da shebur, ya zuba taki ko ciyawar teku, ya binne dankali.

Bari mu yi lissafin gida ɗaya. Magidanci mai aikin ƙarfi yana cin dankali kilo 5 zuwa 6 a rana, e, a rana, safe da rana da dare, dafaffe da gishiri da ɗan tsala in an samu. Matarsa ƙasa da haka kaɗan, yara huɗu kowanne kilo 2 ko 3. Ka ce kilo 20 a rana gaba ɗaya, a shekara ya kama tan 7 da ɗoriya. Eka ɗaya a lokacin tana ba da wajen tan 6. Ka ga kenan eka ɗaya da 'yan kai ta riƙe mutum shida, abin da in alkama ce sai ka nemi ninki biyu ko uku na filin, ga garma da doki da kuɗin niƙa, alhali dankali shebur da tukunya kawai yake so. Kuma abin mamakin, abincin nan yana riƙe jiki. Dankali in ka ci da yawa haka yana ba ka ƙarfi da furotin daidai gwargwado da sinadarin da ke hana ciwon dasashi, madara ta cike sauran. Matafiya na lokacin suna ta mamakin yadda talakan Ayaland yake da tsayi da ƙarfi duk da tsummansa. Sai uba ya yanka wa ɗansa eka ɗaya ya yi aure, shi ma ya yanka wa nasa. Mutanen tsibirin ba su kai miliyan 3 ba a 1700, ƙidayar 1841 ta samu sama da miliyan 8. Wasu masana tattalin arziki biyu da suka auna abin a 2011 sun ƙiyasta dankali shi kaɗai ya kawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙaruwar jama'ar Turai da Asiya da Afirka tsakanin 1700 da 1900.

To a nan ne abin da na fi so ka riƙe yake. Iri ya hau jirgi ya tsallake teku, amma tsofaffin da suka san halinsa an bar su a can. Manomin Andis ba ya shuka dankali iri ɗaya, a gona ɗaya sai ka ga iri goma ko ashirin, ja da baƙi da rawaya, a yankin gaba ɗaya akwai iri sama da 4000, in cuta ta kama wannan ta bar wancan. Kuma ya san yadda ake ajiye shi: ya shanya a fili sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta narkar, ya tattake da ƙafa ruwan ya fita, ya bushe ƙayau, ya yi shekaru a rumbu. Turai ba ta karɓi ko ɗaya a cikin biyun ba. 'Yan irin da suka iso kaɗan ne, kuma dankali ba da ƙwaya ake shuka shi ba, da jikinsa ake yi, don haka duk gonar tamkar shuka ɗaya ce aka yayyanka. Talakawan Ayaland sun koma kan iri ɗaya da suke kira Lamfa, ba daɗi gare shi ba amma yana cika kwando ko a ƙasa marar kyau. Ajiya kuwa a rami ake yi, ba ya wuce wata tara ko goma, ba kamar geronmu ba da zai shekara uku a rumbu da zangarniyarsa. Mutum wajen miliyan 3 ba su da wani abinci sai shi, kuma ba su da ajiyar bara.

A 1843 aka ga wata cuta a gonakin gabashin Amurka, 1845 ta bayyana a Beljiyam, watan Satumba na shekarar ta isa Ayaland. Ita ma jirgi ta biyo, cikin irin dankali. Wata irin funfuna ce mai son sanyi da raɓa, tana farawa da ɗigo baƙi-baƙi a bakin ganye kamar an zuba masa ruwan zafi, in ka juya bayan ganyen da safe za ka ga farin abu kamar auduga a gefen ɗigon, cikin mako guda gona ta yi baƙi tana wari. Ruwan sama ya wanke ƙwayoyin cutar su shiga ƙasa su kama 'ya'yan, shi yasa mutane suka tone dankali lafiyayye a ido suka binne a rami, bayan makonni suka buɗe suka tarar da ruɓaɓɓen kunu. Shekarar farko kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya tafi, 1846 kusan duka. Aka cinye iri, 1847 ba abin shukawa sosai, 1848 cutar ta dawo. Mutum kusan miliyan 1 suka mutu, mafi yawa ba yunwar kai tsaye ba, zazzaɓi da atini da suka samu jiki ya raunana, wasu sama da miliyan 1 suka hau jirgi zuwa Amurka da Ingila. Ƙidayar 1851 ta samu miliyan 6 da rabi, aka yi ta raguwa har wajen miliyan 4.4 a 1911, kuma har yau tsibirin bai koma yawansa na 1845 ba. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Abdulmajid ya aika musu gudunmawar fam 1000 a lokacin yunwar.

Ni ba na ɗora wa cutar laifin duka, kuma wannan ra'ayina ne da na tsaya a kai. Cutar ta kama Beljiyam da Holan da Furushiya, an mutu a can ma amma ba kusa da haka ba. A Ayaland ana yunwar nan ana fitar da hatsi da shanu da man shanu zuwa Ingila don biyan haya, wanda ya kasa biya a rushe masa ɗaki. Dankali ya ba masu ƙasa damar matse talaka a kan eka ɗaya har tsawon shekara ɗari ba tare da ya mutu ba, ranar da dankalin ya faɗi sai aka ga abin da yake ɓoyewa. Maganin feshi na jan ƙarfe da farar ƙasa sai a shekarun 1880 aka gano shi. Kuma cutar ba tarihi ba ce kawai, manoman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi a Filato sun san ta sarai, duk daminar da aka jera kwanaki ana yayyafi da hazo sai ta taso, wanda ya jira sai ya ga baƙi a ganye sannan ya nemi magani to ya makara.

Gwamnatin Birtaniya da ta tashi kai agaji Ayaland, masara ta sayo daga Amurka ta fam 100,000. Yawancin mutanen ba su saba da ita ba, injinan niƙansu na oti ne ba sa iya fasa ta sosai, aka dafa tsaki rabi-ɗanye yara suka yi ta gudawa. Wannan ya kawo mu ga sirrin masara da shi ma aka baro a Meziko.

Matan Meziko da Gwatamala ba sa niƙa masara haka kawai. Sai sun tafasa ta da ruwan farar ƙasa ko ruwan toka, su bar ta ta kwana a ciki, da safe su murje ɓawon su wanke, sannan su markaɗa su yi waina. Turawan Sifen sun ɗauka don laushi ne ake yi, su kuma suna da injin niƙa, sai suka watsar. Ashe masara tana da wani sinadari da jiki ke buƙata, niyasin, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya cire shi sai an warware shi da toka ko farar ƙasa. Wanda yake cin masara tare da wake, gyaɗa, nono ko nama ba zai ji komai ba. Wanda ya koma masara zalla safe da dare shi ne zai gani. Haka ta faru da 'yan ƙodagon arewacin Italiya da Sifen, masara ta ninka musu amfanin gona, mai gona ya kwashe alkama ya bar musu tuwon masara, sai wata cuta ta ɓullo wadda wani likita a Sifen ya fara bayyana ta a 1735, daga baya aka sa mata suna felagira, wato fata mai kaushi. Alamarta a fili take: duk inda rana ke dukan jiki, bayan hannu, ƙafa, wuya kamar an sa sarƙa, fatar ta yi duhu ta tsattsage, dama da hagu daidai wa daida, sai gudawa, sai ruɗewar hankali, in ba a kula ba mutuwa. A kudancin Amurka tsakanin 1906 da 1940 mutum wajen miliyan 3 suka kamu, kusan 100,000 suka mutu. An yi kusan shekara 200 ana cewa ƙwayar cuta ce ko gubar ruɓaɓɓiyar masara, sai 1937 aka tabbatar rashin niyasin ne. A Malawi a 1990, sansanonin 'yan gudun hijirar Mozambik da ake ba garin masara, gyaɗar da ake haɗa musu da ita ta yanke na wasu watanni, sai ga mutum wajen 18,000 da cutar. Ka ga darajar miyar kakarka kenan, daddawa da wake da ƙuli-ƙuli da ɗan kifi da nonon da ake sha da fura, su suke tsare mai cin tuwon masara.

Rogo nasa sirrin ya fi haɗari, domin guba ce a jikinsa. Duk rogo yana da ita, bambancin yawa ne. Mai zaƙi, irin wanda ake dafawa a sayar da ƙuli da yaji a tasha, tasa kaɗan ce kuma mafi yawa a ɓawo take, ferewa da dafawa sun isa. Mai ɗaci kuwa zai iya ninka ta sau takwas ko fiye, kuma shi manoma suka fi so a wurare da yawa saboda ya fi 'ya'ya, ɓera da biri da ɓarawo ba sa taɓa shi. Yadda abin yake, a cikin saiwar akwai abu biyu da suke zaune a ɗaki daban-daban, in aka gurza rogon sai su haɗu su haifar da sayanayid, shi kuma yana bin ruwa yana bin iska ya fita. Don haka duk aikin garin kwaki dabara ce ta haɗa su da gangan sannan a kore gubar: a fere, a wanke, a gurza, a ɗura a buhu a danne da dutse ko jak kwana uku zuwa huɗu ruwan yana tsiyaya yana tsami, a tankaɗe, a soya a faffaɗan kasko sauran ya tashi da zafi. In kuma na alabo ne, a jiƙa a ruwa kwana uku zuwa biyar har saiwar ta yi laushi tana fashewa a hannu sannan a shanya. Mutanen Amazon sun san wannan dubban shekaru, suna da wani dogon kwando na saƙa da suke matse shi da shi.

Rashin wannan ilimin ne ya sa rogo ya yi kusan shekara 300 a gaɓar Afirka ta Yamma bai yi nisa ba, mutane na da doyarsu, shi kuma sun ga yana bugarwa. Sai a ƙarni na 19 da 'yantattun bayi suka dawo daga Burazil suka zauna a Ikko, da Wida da Fotonobo na ƙasar Benin ta yau, su suka zo da sana'ar gari. Daga nan ya bi titin jirgin ƙasa da barikin soja da makarantun kwana, abinci ne da ba ya son wuta, ruwa da suga kawai. Annobar mura ta 1918 ma ta tura shi gaba a ƙasar Ibo, domin doya tana son maza masu ƙarfi da aiki kan lokaci, rogo kuwa mace ɗaya za ta iya kafa sandunansa ta tafi jinya. Yau Najeriya ce kan gaba a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara, ta wuce Burazil ɗin nesa ba kusa ba.

Inda ake samun matsala shi ne lokacin fari ko yaƙi ko tsadar abinci. Fari yana ƙara wa rogo guba, yunwa kuma tana sa a gajarta kwanakin jiƙo, kwana huɗu ya koma ɗaya, ga shi ba wake ba kifi, alhali jiki da furotin yake wanke ɗan abin da ya saura, rogo kuwa furotin ɗinsa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba. In gubar ta yi yawa lokaci ɗaya, awanni kaɗan bayan cin abinci sai amai, jiri, ciwon kai, numfashi sama-sama, kuma za ka ga duk gidan ne tare, yara sun fi jigata, wannan asibiti ake nufa nan take. In kuma kaɗan-kaɗan ce ta makonni, sai cutar da ake kira konzo, wadda aka fara rubuta labarinta a Kwango a 1938: yaro ko mai jego ta kwanta lafiya ta tashi ƙafafu biyu sun sandare, tafiya a kan yatsu, kuma ba ta warkewa. A lardin Namfula na Mozambik a farin 1981 sama da mutum 1000 ta kama. Shi yasa in na ga garin kwaki fari fat marar tsami ko kaɗan, mai ɗanɗanon ɗaci a bayan harshe, a lokacin da gari ya yi tsada kowa yana gaggawar kai wa kasuwa, ba na saye, alama ce bai kwana a buhu yadda ya kamata ba. Kuma kar a ba akuya ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci ko ruwan matsarsa, a shanya ɓawon ya bushe tukuna.

Batun kakarka kuma, wanda ya faɗa maka yana da gaskiya kai ma kana da gaskiya, amma ka tambaye ta tuwon me aka fi yi a gidansu tana yarinya, ina kyautata zaton za ta ce dawa ko gero. Masara ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar Hausa a matsayin shukar bayan gida, inda ake zubar da shara da toka da kashin awaki, a gasa a ci kafin sabon hatsi ya shigo. Ba ta fita babbar gona ba saboda mayunwaciya ce, ƙasar da dawa za ta yi haƙuri da ita masara sai ta yi rawaya ta tsaya. Abin ya canza ne daga 1975, lokacin da aka buɗe manyan ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da kuɗin Bankin Duniya, aka kawo takin zamani mai rahusa, da farin iri ingantacce daga cibiyar binciken noma ta Ibadan da ta Samaru a Zariya, aka yi hanyoyin ƙauye, injin niƙa ya shiga ko'ina ya ɗauke wa mata wahalar dakan ta. Cikin shekara ashirin Funtuwa, Dandume, Giwa, Saminaka suka zama gidan masara, tireloli na lodi zuwa kudu don abincin kaji da kamfanoni. Can arewa sosai, Daura zuwa Maraɗi da Damagaram, gero bai sauka daga kujerarsa ba domin ruwan bai ishe ta ba, masara in ta samu fashin ruwa na kwana goma lokacin da take fid da gemu tana goyo, shikenan sai totuwa. A 2016 kuma wata tsutsa 'yar asalin Amurka, mai shiga cikin kan masara ta cinye ta tun daga zuciya, ta bayyana a Najeriya da maƙwabta, shekara biyu ta game kusan duk Afirka kudu da hamada. Ita ma gidansu ɗaya da masarar, ta dai yi shekara ɗari huɗu da wani abu kafin ta samu abin hawa. In ka ga ganyen tsakiya da huji-huji a jere da wani abu kamar dusar katako a cikin kan, ita ce, kuma da sassafe ko da yamma ake feshinta, a saita bakin famfon cikin kan shukar inda take ɓuya.